Yadda ake fitar da ribar shekara ta gaskiya: ƙa'idoji huɗu na akantoci, da lissafin wani ɗan albasa a Sakkwato

Ƙanena yana harkar albasa a kasuwar Ramin Kura da ke Sakkwato da jarin kawunmu, a kan za a raba riba biyu. Da shekara ta ƙare sai ya haɗa duk kuɗin da suka shigo hannunsa, naira 11,300,000, ya cire duk waɗanda suka fita, naira 11,760,000, ya ga giɓin naira 460,000. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba kafin ya iya zuwa gaban Kawu. Shi kuwa Kawu da ya ji, cewa ya yi: "Ɗana, albasa ta yi kuɗi bana, kowa ya shaida. Wagga hasara daga ina ta hito?"

Babu wanda ya ci kuɗin kowa. Lissafin ne aka yi ba bisa hanya ba. Kuɗin da ya shiga aljihu daban, riba daban, kuma abin da ke raba su shi ne ƙa'idoji huɗu da duk ɗalibin akanta yake haddacewa: ɗorewar sana'a, haɗa ciniki da ɗawainiyarsa, tsayawa kan hanya ɗaya, da taka-tsantsan. A Ingila tun 1971 aka jera su a matsayin ginshiƙan lissafin kamfanoni, kuma har yau suna nan cikin ƙa'idojin duniya da manyan kamfanonin Najeriya suka fara bi a 2012. Amma ba sai kana da kamfani ba. Na zauna da ƙanena da littafinsa muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma hanyar da muka bi ce zan shimfiɗa a nan. Na ɗan daidaita alƙaluman don lissafin ya yi sauƙin bi.

Kafin komai, tsayar da rana

Zaɓi ranar rufe littafi, ka riƙe ta kowace shekara. Mu mun ɗauki 31 ga Disamba. A ranar, ka shiga sito ka ƙirga kaya da idonka, kada ka dogara da abin da yaron shago ya faɗa. Ka rubuta waɗanda kake bi bashi da waɗanda ke bin ka, ka tattaro rasiɗai da takardar banki.

Mataki na ɗaya: sana'ar nan za ta kai baɗi?

Wannan ita ce ƙa'idar ɗorewar sana'a. Ma'anarta ita ce ana yin lissafi a kan cewa sana'ar za ta ci gaba da gudana, ba gobe za a rufe a yi gwanjon kaya ba. Akantoci suna duba aƙalla wata 12 masu zuwa bayan ranar rufe littafi.

Mutane da yawa suna tsallake wannan tambayar don suna ganin amsarta a fili take. Amma duk lissafin da zai biyo baya a kanta yake tsaye. Ga misali: ƙanena ya sayi keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya a Janairu. Idan sana'a za ta ci gaba, ba ruwanmu da nawa dillali zai taya shi yau, tunda ba sayarwa za a yi ba. Abin da ya dame mu shi ne aikin shekara nawa ya rage a jikinsa. Idan kuwa rufewa za a yi, to darajarsa ita ce abin da zai kawo a hannun mai saye cikin gaggawa, kuma kowa ya san yadda ake taya kayan wanda aka ga ya matsu. Haka kuɗin hayar sito da aka biya gaba: ga mai ci gaba dukiya ce, ga mai rufewa wataƙila ko kwabo mai gida ba zai mayar ba.

Ka yi wa kanka waɗannan tambayoyi, ka amsa tsakaninka da Allah. Mai jari yana da niyyar janye kuɗinsa? Akwai bashin da lokacin biyansa ya kusa, alhali ba ka da inda za ka samo? Masu ba ka kaya bashi sun fara cewa sai kuɗi hannu? Kana cin sabon bashi don biyan tsoho? Cinikinka ya rataya a kan mutum ɗaya ko hanya ɗaya? Wanda duk cinikinsa ta Illela yake bi ya ga abin da rufe iyaka ya yi a 2019 da kuma 2023. Wanda gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021 ta cinye wa shago da kaya, ba shi da inshora ba shi da mai tallafa masa, ba zai rubuta lissafinsa kamar komai lafiya ba.

Shekara ɗaya ta faɗuwa ba ta nufin sana'a ta mutu. Abin dubawa shi ne ko akwai abin da za a ci gaba da shi. A wajenmu Kawu ya ce jarinsa yana nan, babu bashin banki, hayar sito ta kai har baɗi da wata biyu a gaba. Muka rubuta a saman shafi cewa an yi lissafin nan a kan sana'a za ta ci gaba, muka wuce.

Mataki na biyu: kowane ciniki da ɗawainiyarsa

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan ne giɓin ƙanena ya ɓuya. Ƙa'idar tana cewa: cinikin bana a lissafa shi bana, kuma duk abin da aka kashe don a samu wannan ciniki a ɗora shi a kan bana, ko an biya kuɗin bara, ko bana, ko sai baɗi za a biya. Ranar da kuɗi ya canza hannu ba ita ce abin lura ba. Manomi ya fi kowa sanin wannan: takin da ya zuba a fadama a Nuwamba, na albasar da zai cire a Maris ne, ba zai ce ya yi asara a Nuwamba ya ci riba tsantsa a Maris ba.

Fara da ciniki. Ƙanena ya sayar da buhu 250 a cikin shekarar, a kan naira 48,000 idan aka baje farashin, wato naira miliyan 12. A ciki an biya shi 10,800,000, saura 1,200,000 yana hannun mutum biyu 'yan Kudu. Kaya sun bar hannunsa sun isa ga masu su, saboda haka cinikin bana miliyan 12 ne cif, ba 10,800,000 ba. A ɗaya gefen kuma, wani abokin ciniki ya turo masa 500,000 a Disamba na kayan da za a loda masa a Janairu. Wannan kuɗi ya shiga asusu, amma ba ciniki ba ne tukuna. Amana ce a hannunsa. In bai kai kaya ba sai ya mayar. Muka fitar da ita daga ciniki muka sa ta cikin abin da ake bin sa.

Sai keke. Ya saye shi naira 2,400,000, ya ɗora duka a kan shekara ɗaya, alhali keken zai yi shekaru yana aiki. Yadda ake yi shi ne ka ƙiyasta shekara nawa zai yi maka, da nawa za ka sayar da shi a ƙarshe. Muka ce shekara 4, a ƙarshe ya kawo 400,000. Abin da zai lalace a jikinsa ke nan miliyan 2, a raba 4, kowace shekara ta ɗauki 500,000. Wannan shi ake kira ragin daraja. Bana ta ɗauki 500,000 ɗinta, sauran 1,900,000 yana nan a matsayin dukiyar sana'a. Ka lura da cewa ba don mun amsa tambayar mataki na ɗaya da e ba, da ba mu da ikon raba kuɗin nan a kan shekarun da ba su zo ba.

Hayar sito ma haka. A ranar 1 ga Maris ya biya ta shekara biyu, naira 960,000, wato 40,000 kowane wata. Daga Maris zuwa Disamba wata 10 ne, 400,000 ke nan. Sauran 560,000 na watanni 14 masu zuwa ne.

Akwai kuma wanda ya juya ta ɗaya fuskar, kuma shi ne wanda ake yawan mantawa don ba ya da rasit. Kuɗin leburori, mai, buhuna da harajin kasuwa da ya biya sun kama 900,000. Amma albashin maigadi da yara biyu na watan Disamba, 100,000, sai farkon Janairu zai biya. Sun yi aikin a Disamba, don haka na bana ne. Ɗawainiyar yau da kullum ta zama miliyan 1.

Abin da ya rage shi ne kuɗin albasar kanta. Ba duk wadda aka saya ake ɗora wa bana ba, sai wadda ta fita. Hanyar ita ce: kayan da ka shigo shekara da su, a haɗa da waɗanda ka saya, a cire waɗanda suka rage a sito. Ya shigo da buhu 20 na bara, a kan 500,000. A Maris ya sayi buhu 200 daga wajajen Wurno da Goronyo, kowanne ya kwanta masa a 20,000 har da kuɗin mota. A Mayu, da farashi ya fara ɗagawa, ya ƙara buhu 100 a kan 35,000. Sayen bana ya zama 7,500,000. A cikin buhu 320 ɗin, an sayar da 250, kimanin 30 sun tafi a ruɓewa da ƙanƙancewa a rudu, wato wurin ajiyar albasa, 40 sun rage. Waɗanda suka ruɓe ba sai ka yi musu layi daban ba. Tunda ba sa cikin abin da ya rage, kuɗinsu ya faɗa kan bana da kansa.

Tambayar ita ce, buhu 40 ɗin nan nawa za a rubuta su? Ƙa'idoji biyu da suka rage duk a kan wannan tambaya za mu gan su.

Mataki na uku: mudun da ka auna da shi bara

Akwai hanya biyu da aka yarda da su. Ta farko, ka ɗauka cewa kayan da suka fara shiga su suka fara fita, don haka waɗanda suka rage na sayen ƙarshe ne: buhu 40 a kan 35,000, wato 1,400,000. Ta biyu, ka baje farashin duka: naira miliyan 8 a raba buhu 320, kowanne 25,000, buhu 40 sun zama miliyan 1. Albasa ɗaya, sito ɗaya, amma bambancin 400,000, kuma duk naira ɗaya da ka ƙara wa kayan da suka rage, ka ƙara ta a riba.

Duka biyun halal ne a wajen akantoci. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka riƙa tsalle tsakaninsu, bana wannan baɗi waccan, gwargwadon wadda ta fi yi maka daɗi. Ƙanena da ya ga hanyar farko ta fi riba sai ya ce a bi ta. Na buɗe masa littafin bara, inda aka baje farashi aka samu 25,000 ɗin da muka shigo da shi. Wanda ya saya da babban mudu ya sayar da ƙarami, kowa ya san sunansa a kasuwa, kuma canza hanyar lissafi a ɓoye ɗan'uwan wannan ne. Ban da haka ma, idan hanya tana canzawa, Kawu ba zai iya ɗora ribar bana kusa da ta bara ya gane ko gaba ake yi ko baya ba. Muka tsaya kan baje farashi.

Haka ragin darajar keke: yadda aka fara raba shi daidai kowace shekara, haka za a ci gaba. Ba a hana canji ba idan akwai dalili na gaske. Sharaɗin shi ne ka faɗa a fili, ka rubuta dalili, ka sake lissafin bara da sabuwar hanyar don a iya gwadawa.

Mataki na huɗu: taka-tsantsan

Ma'anarta a taƙaice: ribar da ba ta tabbata ba kada ka rubuta ta, asarar da ka hango kuwa kada ka jira sai ta iso. Bahaushe ya riga ya faɗe ta, da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kowa ya san ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Muka shiga sito muka zazzage buhunan nan 40. Guda 25 lafiya lau suke, ɓawo a bushe, kai da ƙarfi in ka matsa, kuma a ranar ana sayar da irinsu 45,000. Ƙanena ya so a rubuta su a haka. A'a. Da aka baje farashi sun kwanta a 25,000, a 25,000 za su zauna, wato 625,000. Ribar 20,000 da ke kan kowanne ba a ci ta ba tukuna; sabuwar albasa tana shigowa kasuwa, farashi na iya karyewa kafin a loda su. Ranar da aka sayar, ranar za a rubuta.

Sauran 15 kuwa sun fara tsiro, wasu sun yi laushi a wuya, kana sa hannu cikin buhun za ka ji danshi. Dillalai biyu muka tambaya, duka suka ce ba za su wuce 18,000 ba, kuma sai an kashe kamar 2,000 a kan kowanne wajen tsincewa da sake buhu da dako. Abin da zai shigo hannu ke nan 16,000, ƙasa da 25,000 da aka saye su. A nan sai a bi na ƙasan: buhu 15 a kan 16,000, wato 240,000. Asarar 135,000 ta riga ta faru a cikin sito tun a Disamba, ko da yake sai Janairu za a gan ta a hannu. Dokar ke nan ga kowane irin kaya: ka dubi abin da ka saya da abin da za ka samu bayan cire ɗawainiyar sayarwa, ka rubuta wanda ya fi ƙanƙanta. Kuma ka yi wa kowane kashi nasa, kada ka bar ribar masu kyau ta rufe asarar masu tsiro. Kayan da suka rage sun tsaya a 865,000.

Sai bashin 1,200,000. Mai 800,000 shekara biyar ana hulɗa da shi, kuma kullum yana biya cikin wata guda ko biyu. Mai 400,000 kuwa tun Yuli ake nemansa, wayarsa a kashe, direban da ya san rumfarsa ya ce ya tashi. Muka cire 400,000 ɗin daga riba a matsayin bashin da ake shakka. Wannan ba yafewa ba ne. Za a ci gaba da nemansa, in Allah ya sa ya biya sai a rubuta a shekarar da kuɗin ya zo.

Da Kawu ya ji haka sai ya ce: "To a cire na ɗayan ma, tunda bai shigo hannu ba. A rage keken kuma, mu zauna lahiya." Na ce masa: "Kawu, Allah shi ƙara girma, in muka yi haka mun tauye yaron." Wannan gefen ne mutane ba su cika kula da shi ba, kuma ni ya fi damuna. Taka-tsantsan ba lasisin ƙirƙiro asara ba ne. Duk abin da za ka rage sai da dalilin da za ka iya nunawa: tsiron da muka gani, wayar da aka kashe. Wanda ya danne ribar bana ba hujja, ya ɓoye ta ne kawai, baɗi za ta fito ta kumbura lissafi, kuma in abokin tarayya ya fita a tsakani an ci haƙƙinsa. Saboda irin wannan ne masu tsara ƙa'idojin duniya suka cire kalmar daga babban tsarinsu a 2010, suka dawo da ita a 2018 da bayanin cewa nufinta a yi hattara wajen ƙiyasi, ba a karkata gefe ɗaya ba.

Wani abu da ya kamata in ambata: wannan lissafin riba ne, ba lissafin zakka ba. A mazhabar Malikiyya mai jujjuya kaya yana ƙiyasta hajarsa da farashin kasuwa idan shekara ta zagayo, ba da farashin saye ba. Kada ka ɗauki 865,000 ɗin nan ka fitar da zakka a kai. Ka je wa malami da bayanin kayanka.

Mataki na biyar: haɗa, sannan ka gwada

Kuɗin albasar da ta fita: 500,000 da 7,500,000, a cire 865,000, saura 7,135,000. A cire shi daga cinikin miliyan 12, saura 4,865,000. Daga nan a cire haya 400,000, ragin darajar keke 500,000, ɗawainiya miliyan 1, da bashin da ake shakka 400,000, duka 2,300,000. Ribar shekara ta tsaya a naira 2,565,000. Rabon kowa 1,282,500.

Kawu ya yi shiru, sannan ya yi tambayar da ta dace: in an ci riba haka, ina kuɗin? Kada ka rufe littafi sai ka iya amsa wannan, domin ita ce gwajin da ke nuna ko ka yi kuskure. Ka bi inda kuɗi ya kwanta. Keke ya riƙe 1,900,000. Amintaccen mai bashi yana riƙe da 800,000. Mai sito yana riƙe da 560,000 na haya. Albasar da ke ajiye ta ƙaru daga 500,000 zuwa 865,000, ƙarin 365,000. Duka 3,625,000. A ɗaya ɓangaren, akwai kuɗin mutane a hannun ƙanena: 500,000 na kayan Janairu da 100,000 na ma'aikata, 600,000. Ɗauki ribar 2,565,000, ka ƙara 600,000, ka cire 3,625,000. Abin da ya fito shi ne giɓin 460,000, daidai da wanda ya hana shi cin abinci. In naka bai hau haka ba, akwai abin da ka manta ko ka ƙirga sau biyu, kuma yawanci za ka same shi a cikin bashi ko a ƙirgar sito.

Saboda haka ba a raba kuɗi a ranar ba. An rubuta rabon kowa a littafi, dukansu suka sa hannu, aka yi alkawarin za a fara fitarwa idan mai 800,000 ya biya kuma an sayar da buhu 25 masu kyau, da sharaɗin a bar abin da zai isa sayen sabuwar albasa a Maris.